Kwallin Inna

Ranar da aka ce Auta na da ciki, Inna ta tattaro kayanta ta tare a gidan 'yar tata. Ɓari biyu Auta ta yi bayan ɗanta na fari, Inna kuwa ta rantse ba za a yi na uku a gabanta ba.

Sai ta kafa dokoki kamar sabon ɗan sanda. Ta hana Auta rina gashi, ta hana ƙunshi, ta kulle ruwan wanke banɗaki a akwatinta. Ita ke durƙusawa da ciwon gwiwa tana goge tayil.

"Inna, kin mayar da ni fursuna."

"Fursuna mai rai ya fi gawa mai kwalliya."

Kwalliya ɗaya ta bari, kwalli. Na dutse ne mai ƙyalli, ita ke niƙa shi da hannunta, don ba ta yarda da na kanti ba. Kowace safiya Auta kan lashi tsinken ta tsoma, yadda ta ga uwarta na yi, ta zizara. Inna kuma ta kamo jikanta ɗan shekara uku, wanda har yau bakinsa bai buɗe ba, ta rambaɗa masa.

A wata na biyar Auta ta yi fari fat, ga ciwon ciki. Aka ɗebi jininta a asibiti, bayan mako aka kira su, suka tafi har da yaron.

Inna ba ta jira tambaya ba, ta jera wa likitar duk abin da ta hana.

"Sannu da ƙoƙari, Mama," in ji likitar. "Amma rini jefi-jefi ba abin tsoro ba ne, kaɗan ne ke ratsa fata. Lallen ganye ma lafiya lau, baƙin nan mai haɗi ne abin gudu. Ruwan wanki kuwa a sa safar hannu, a buɗe taga, kada a gauraya iri biyu. Gubar dalma muka samu a jininta, mai yawa." Ta dubi idon Auta. "Wannan kwallin daga ina?"

"Ni na niƙa," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Irin dutsen nan yawancinsa dalma ce. Tana shiga ta baki, ta kwanta a ƙashi shekaru, in ciki ya zo ta fito ta isa ga ɗa. Yau za a daina, mu fara kula da ita."

"Ɗan cikin zai fita lafiya?" in ji Inna.

"Ba zan yi miki alkawari ba. Tun yaushe take sawa?"

Tun tana kwana bakwai a duniya. Inna ce ta fara sa mata da hannunta.

"Akwai wani yaro a gidan da ake sa wa?"

Auta ta juya, Inna ma ta juya. Yaron na bakin ƙofa yana murza ido, yana kai yatsan baki. Ya ɗago ya yi wa kakarsa murmushi, idanunsa raɗau da kwallin da ta sa masa da safe.