Abin da Akawu Ta Manta Ba Ta Goge Ba

Tun da Kawu ya ja kujerarta ya zauna gaban kwamfuta, akawu ta kasa ɗauke ido daga kansa. Shi ne mai ɗakin ajiyar magungunan, shi kuma ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Da safiyar nan ta aika wa hukumar duba magunguna takardar ƙorafi ba suna, cewa ana sauya kwanan watan lalacewa a kwalayen maganin yara. Ta goge takardar, ta goge tarihin shafukan da ta buɗe. Abu ɗaya ta manta.

"'Yar nan, wane maɓalli ne ma kika koya mini? Mai fito da duk abin da aka kwafa?"

Ita da kanta ta kunna wannan tsari, don ta gaji da kwafar adireshin masu saye ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar kan riƙe abu ashirin da biyar na ƙarshe, sai an share su ko an sake kunna ta suke ɓacewa. Su kuwa ba sa kashe ta, tsohuwa ce, tashinta sai an yi mata addu'a.

"Kawu, kawo in yi maka."

"Kin mai da ni ɗan ƙauye? Na tuna."

Ya danna maɓallin Windows da V. Ɗan akwati ya buɗe. Adireshi biyu ne a sama. A ƙarƙashinsu lambobin kwalaye, sai adireshin imel na hukumar, sai layin farko na ƙorafin. Kawu ya gyara tabarau, ya buɗe sabon shafi, ya taɓa layin. Takardar ta zubo gaba ɗaya.

Ya karanta a tsanake har ƙasa. Tsoro akawu take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba: aikinta, ɗakin da take kwana, fuskar mahaifiyarta idan labari ya kai gida.

"Wa ya zauna nan da safe?"

Akwatin ba ya nuna wanda ya kwafa.

"Ba sai kin faɗa ba. Na ga mai sito a kujerar nan."

Gaskiya ne, dattijon ya zauna minti biyu yana duba jerin kaya. Kawu ya ƙwala masa kira. Ya shigo yana goge hannu a riga, yana murmushi, mutum mai 'ya'ya shida, matarsa kuma tana asibiti.

"Ajiye makullanka a teburin nan," in ji Kawu.

"Ranka ya daɗe, lafiya?"

Dattijon ya soma laluben aljihu. Akawu ta matso gaban teburin.

"Baba, riƙe makullanka," ta ce. "Kawu, ni ce."