Minti 135 Zuwa Damaturu

Rahmat ta gama makarantar koyon aikin jinya shekara biyu ke nan ba ta samu aiki ba. Sai ga ƙawarta Phoebe ta samo mata damar ganawar neman aiki a wani asibitin kuɗi a Damaturu, ranar Talata ƙarfe sha ɗaya. Ta turo saƙo: "Bas daga Maiduguri minti 135, daga tasha zuwa asibitin a taksi minti 20."

Rahmat tana guga, sai ta miƙa wa yayanta Habib wayar. Tela ne a unguwar Hausari, mutum ne da ba ya son a maimaita masa magana.

"Awa ɗaya da minti talatin da biyar," in ji shi. "Da na taksi, ko awa biyu bai cika ba. Motar ƙarfe tara ta ishe ki."

Ba ta sake dubawa ba. Da safe har ta tsaya ta dama wa mahaifiyarsu kunu.

Bas ta tashi tara daidai. Sun wuce Auno ne dattijon da ke gefenta, wani malamin makaranta mai ritaya da ya ce sunansa Dzarma, ya tambaye ta inda za ta. Ta faɗa masa, ta nuna masa saƙon.

Ya karanta, ya dube ta. "'Yata, awa ɗaya minti nawa ne?"

"Sittin, Baba."

"To, ba ɗari ba. Cire sittin daga 135, saura saba'in da biyar. Sake cire sittin, saura sha biyar. Awa biyu da kwata ke nan. Ƙara ashirin na taksi, awa biyu da minti talatin da biyar. Sha ɗaya da talatin da biyar za ki isa."

Ta lissafa da yatsu, ta sake lissafawa. Abin da ya fi ƙona mata rai, ita da take ƙirga bugun zuciyar marasa lafiya da agogon hannu, ta san wannan sarai.

Ta roƙi direba ya ƙara wuta. Ya ce ga shingayen bincike a gaba, shi ba zai tashi sama ba. Ta kira Phoebe sau huɗu, babu sabis. A Benisheikh aka tsaya sauke buhunan wake, tana zaune tana kallon agogo.

Sha biyu saura ashirin ta shiga asibitin. Sakatariya ta ce an kira sunanta sau biyu, likitan da zai gana da ita kuma ya shiga tiyata. In tana so ta jira, amma ba alkawari.

Ta zauna a benci ta kira Habib.

"Yaya, awa biyu da kwata ne."

"Wa ya ce? Ni abin da aka rubuta na karanta. Laifin ƙawarki ne da ba ta rubuta da awa ba."

Ta kashe wayar. Sai wajen ƙarfe uku likitan ya fito, ya karɓi takardunta a tsaye, ya yi mata tambaya biyu, ya ce za a neme ta. Ta fito da sauri neman motar komawa, ko abincin rana ba ta ci ba.