Foldar Albashi

Kaltume ba ta je neman albashin kowa ba. Jerin manoman da suka kawo riɗi a watan Oktoba take nema, don tun safe wani dattijo daga wajen Ɗambatta ya kafe a bakin tagarta yana rantsuwa buhu goma sha ɗaya ya kawo, ba goma ba. Aikinta ke nan a kamfanin nan da ke sayen riɗi da wake a hannun manoma yana tarawa a sito kusa da Dawanau: ta shigar da suna, da ƙauye, da nauyin kaya. Shekararta huɗu a kan kujerar, ba a taɓa kama ta da ko kilo ɗaya na kuskure ba, kuma ita ma ta san da haka, don ba ta cikin masu ƙanƙan da kai a kan abin da suka iya.

Duk takardun ofishin suna cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, a wani ɗan ɗaki bayan ofishin manaja. Kowane ma'aikaci yana shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya tarar da babbar folda mai suna Ma'aikata, inda ake zuba aikin yau da kullum. Kaltume ta rubuta "Oktoba" a gurbin bincike. Fayiloli shida suka fito. Ta danna wanda aka sa wa "Oktoba na ƙarshe", ya buɗe salin alin, bai tambaye ta komai ba.

Ba manoma ba ne a ciki. Sunayen mutanen ofis ne, daga Alhaji Inuwa manaja har maigadi, kowa da albashinsa da alawus ɗinsa da lambar asusunsa na banki.

A nan ne mai son ya wanke ta zai ce nan take ta rufe. Ba ta rufe ba. Ta nemo sunanta, ta duba na sama da ita da na ƙasa da ita, ta ga wanda ta koya wa aiki bara ya fi ta, ranta ya ɓaci. Ta yi kamar minti uku tana kallo, dattijon nan yana ta ƙwanƙwasa taga. Waɗannan minti ukun ne suka ja mata. A daidai lokacin Malam Yahya akanta ya zo buɗe fayil ɗin daga nasa ofishin, sai Excel ya gaya masa ba zai iya gyara shi ba, don yana hannun wani, ya kuma rubuta masa sunan a fili: Kaltume. Haka manhajar take yi idan mutum biyu suka haɗu a kan fayil ɗaya, wanda ya riga shiga shi ke riƙe da shi.

Malam Yahya mutum ne da ko biro ya ara maka sai ya tsaya ya ga ka mayar da murfin. Ya fito hularsa a karkace, ya tsaya a kanta, ya tambaye ta a gaban kowa ina ta samo kalmar sirrinsa. Ta ce ba ta san kalmar sirrinsa ba, ba ta kuma bukace ta ba, fayil ɗin a buɗe yake. Ya ce ƙarya ne, foldar albashi shi da Alhaji kaɗai ke shiga tun da aka kafa kamfanin. Ya juya ya nufi ofishin manaja.

Kafin a kira ta, Kaltume ta sallami dattijon, wanda ashe goma sha ɗayan ya kawo da gaske, sannan ta koma ta bi sawun fayil ɗin. Foldar Albashi tana zaune a cikin foldar Ma'aikata. Ta danna ta da ɓarin dama na linzamin kwamfuta, ta shiga shafin da ke nuna waɗanda aka ba izini. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: rukunin dukkan ma'aikata, izinin karantawa da na gyarawa. Ta ƙara shiga ciki, ta ga an rubuta cewa izinin gado ne daga babbar foldar. Sai ta tuna da makonni shida da suka wuce, lokacin da tsohuwar saba ta fara mutuwa aka sayo sabuwa. Kamaruddeen, mai kula musu da kwamfutoci, ya kwafe komai a ranar wata Asabar ya zuba a sabuwar. Folda kuwa idan aka kwafe ta haka kawai zuwa sabon wuri, tsohon izininta ba ya biyo ta, na gidan da ta sauka take ɗauka. Abin da ya kamata ya yi bai wuce minti biyu ba: ya yanke gadon, ya cire rukunin ma'aikata, ya sa sunan akanta da na manaja. Bai yi ba. Ta ɗauki hoton shafin da wayarta.

Kamaruddeen ɗan yayar Alhaji Inuwa ne. Wannan kowa ya sani, kamar yadda kowa ya san ba a faɗa.

Washegari aka kira ta. Alhaji Inuwa ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya fi son a rufa asiri a kan a gyara abu. Ya yi mata magana da taushi, yana kiranta 'yata. Ya ce shi ba korarta zai yi ba, ya san mahaifinta, ya san gidansu. Takarda ce kawai aka rubuta, ta sa hannu cewa ta yi amfani da kalmar sirrin akanta bisa kuskure, a ba ta gargaɗi, a aika wa masu kamfanin a Kano, magana ta mutu. Kamaruddeen yana zaune a gefe yana latsa waya kamar ba da shi ake ba.

Kaltume ta karanta takardar sau biyu. Ta ji tsoro, gaskiya, don aikin nan shi ne abin da ta tsaya da shi da ƙafarta. Amma ta san ƙasar da take ciki. Daga nan har garinsu Tofa gona tana manne da gona, gida yana kallon gida, kuma manoman da take rubuta wa nauyin kaya 'yan ƙauyensu ne da na maƙwabta. Ranar da aka ce Kaltume ta saci kalmar sirri, ba wanda zai tsaya tambayar mece ce kalmar sirri. Sata kawai za a ji, kuma duk buhun da ta taɓa rubutawa sai an sake ƙirga shi a zuci.

Ta ajiye takardar a kan tebur.

"Alhaji, na buɗe, na kuma duba, wannan ba zan musa ba. In a kan dubawar ne, a rubuta haka in sa hannu yanzu. Amma ban saci komai ba, kuma ba zan sa hannu a kan na sata ba."

Ta nuna masa hoton. Alhaji ya miƙa wa Kamaruddeen, shi kuma ya taɓe baki ya ce wannan ba hujja ba ce, mai shiga da sunan akanta ai zai iya canza izini da kansa ya ɗauki hoto. Ta ce in da sunan akanta ta shiga, me ya sa kwamfutar Malam Yahya ta nuna sunanta ba nasa ba? Ta ce kuma a duba rajistar saba a ga wanda ya taɓa izinin da ranar da aka taɓa. Kamaruddeen ya yi ƙasa da murya ya ce ba a kunna wannan rajistar ba, sai an kunna take rubutawa. Ashe wannan ma bai yi ba.

Alhaji ya fara gajiya. Ya ce ita yarinya ce, kada ta mayar da ƙaramar magana babba, ta yi tunanin aikinta. Kaltume ta miƙe ta ce a zo a gwada a kwamfutar wani, kowa ya gani da idonsa.

Ta zaɓi ta Luba, don ita ce kusa da ƙofa, kuma don Luba ƙawarta ce, tare suke hawa mota kullum, tare suke cin ɗanwake da rana. Ba ta lura da yadda fuskar Luba ta canza ba. Ta ce mata ta buɗe Excel. Luba ta buɗe. Shafin farko na manhajar yana jera fayilolin da aka buɗe kwanan nan, kuma na uku a jerin shi ne "Oktoba na ƙarshe". A ƙasansa akwai na Satumba.

Kaltume ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zo wanke kanta ne, ga shi ta tona asirin ƙawarta.

Malam Yahya ya samu abin da yake nema. Ya ce to ga shi nan, su biyu ne, haɗin baki ne, ita ta ba ƙawarta. Alhaji ya gyaɗa kai, don mutum biyu ma takarda za ta iya ɗauka, Kamaruddeen kuma ya tsira. Luba ta fara hawaye.

Wannan ne ya ƙarasa ɓata wa Kaltume rai. Ta ce ba inda za a je sai an buɗe kowace kwamfuta a ɗakin. Ta bi tebur tebur, Alhaji yana biye da ita don ba shi da yadda zai yi a gaban mutane. Mai kula da sito ya ce tasa tana da matsala, ta ce za ta jira. Wanda ta koya wa aiki bara, wanda jiya ya fi kowa girgiza kai yana cewa amana ta yi wuya, fayil ɗin ne na farko a jerinsa. Kwamfuta goma sha ɗaya ce a ɗakin. Tara suna da shi, har da tata. Makonni shida ke nan kowa yana leƙawa da sassafe ko bayan akanta ya tafi sallah, yana rufewa, yana yin shiru. Ita kaɗai ce ta shiga da rana tsaka, don ita kaɗai ce ba ta san akwai abin ɓoyewa ba.

Ta koma ofishin manaja ta ɗauko takardar da kanta, ta miƙa masa a gaban kowa.

"Alhaji, wurin sa hannu ɗaya ne a nan. Ko a ƙara layi takwas, ko a rubuta sunan wanda ya bar ƙofar a buɗe."

Alhaji Inuwa ya karɓi takardar. Sannan ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya ce wa Kamaruddeen ya je ya gyara abin nan yanzu. Kafin a kira la'asar foldar Albashi ta daina buɗuwa ga kowa. Ba a aika komai Kano ba, ba a kuma ba ta haƙuri ba.

Da aka tashi, Kaltume ta tsaya a bakin titi inda suka saba jiran mota. Sauran mutum bakwai ɗin suka wuce ta ba wanda ya ce mata sai gobe. Motar Tofa ta zo, ta shiga, ta ɗora jakarta a kujerar da ke gefenta. Luba tana tsaye a ƙarƙashin darbejiya, ta ga motar, ta ga jakar, ta juyar da kai tana jiran ta baya. Kaltume ta ɗauke jakar ta ɗora a cinya, ta ce wa kwandasta akwai wurin mutum ɗaya.