Gabas Dai Ya Nufa

Hafsatu tana tace gasarar kunu Uwaisu ya shigo da takardarsa, ya ce ta ɗan saurara ya karanta mata kafin rana ta ɗaga. Ta ce ya karanta, ai ba da kunne take tacewa ba.

Ranar ce mutanen Rimin Kwari, nan gefen Minjibir, suka sa don cikar shekara ɗari da haihuwar Malam Dallatu mai waƙoƙin wa'azi, kakan Hafsatu na wajen uwa. Bana ba shekarar yanka ba ce, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, shi ya sa aka ce kunu da addu'a da ɗan jawabi sun isa. Jawabin aka ba ɗanta Uwaisu, tunda shi ke koyar da Hausa a sakandare. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa dattawa, abin da ya tabbata kawai zai faɗa.

Yana karantawa tana gyaɗa kai, har ya zo ƙarshe. Ta ajiye rariya.

"Ina Madina?"

Ya ce babu Madina a ciki.

Duk garin an san Malam Dallatu a Madina ya rasu, a can aka rufe shi. Da wannan maganar Inna Furera, uwar Hafsatu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, ta tsufa. Ba maniyyacin da zai tashi daga garin ba ta aika masa da ƙullin ƙuli-ƙuli ba, ta ce in ya je maƙabartar Madina ya gaishe mata da Baba. Yanzu idonta ya yi rauni, ga hawan jini, wannan ɗin ne abin da ya rage mata na taƙama.

Uwaisu ya tsuguna ya yi wa uwarsa bayani. Ya ce duk maganar da ya sa, sai da ya same ta ta hanya biyu waɗanda ba daga juna suka ɗauko ba. Shekarar haihuwa, Malam da kansa ya rufe wata waƙarsa da shekarar da ya yi ta, kamar yadda masu ajami ke yi, a ciki kuma ya ce yana da arba'in. In aka cire, sai a faɗa kan 1343 ta Hijira. Sannan wani tsohon soja da aka yi musu suna mako ɗaya, shekarar da iyalansa suka riƙe ta zo daidai. Wurin haihuwa ma ba Rimin Kwari ba ne. Shi ɗan fari ne, uwarsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta wajen Gezawa, dangin can da na nan duk sun yarda.

Ta ce wannan ba damuwarta ba ce, ya zo kan Madina.

Ya ce gida-gida ya bi, duk wanda ya tambaya wa ya faɗa masa, sai maganar ta koma kan mutum ɗaya, wani ɗan kasuwar goro da ya rasu tuntuni. Shi ma ba gani ya yi ba, a tashar mota a Sudan wani ya ba shi labari, ko sunan mutumin bai riƙe ba. Abin da ke da shaida shi ne Malam ya hau motar hanyar Makka shekarar babban fari. Baba Sabo, wanda har yanzu yana raye, ya raka shi har Maiduguri, wani mutumin Gezawa ma ya gan shi a can. Daga nan shiru. Da aka kai ƙara, alƙali ya sa matarsa ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba.

"To ka tsallake mutuwar mana," in ji Hafsatu. "Wa ya aike ka?"

"Umma, jawabin mamaci ne. In na yi shiru a wurin, wani zai miƙe ya cika da Madina, ni kuma ina tsaye kamar na yarda."

Ta san gaskiyarsa, ita ce ta dake shi yana yaro a kan ƙarya. Amma ta ce masa takarda ba ta da uwa, ita tana da ita.

Ta yi tunanin ta bar Inna a gida, ta ce mata rana ta yi zafi. Sai ta tuna an aro lasifikar masallaci, ko a ɗaka take za ta ji, kuma ita kaɗai. Ta wanke hannu ta nufi ɗakin Inna da niyyar ta faɗa mata da bakinta. Ta tarar da tsohuwa ta riga ta ɗaura zanen da ke ƙasan akwati, har da kwalli, tana tambaya ko maigidanta ya shirya. Haka take kiran jikan nata. Uwaisu ya leƙo ya ce wannan kwalliya ai sai a ce ita ce amaryar taron. Ta ce ya rufa mata baki, mijin da ko cefane ba ya yi. Hafsatu ta buɗe baki, ta ga dariyar, sai ta ce mata ta sa takalmi.

A ƙofar makarantar allo aka yi taron, maza a gaba, mata a bayan zana. Hafsatu ta zauna ta jingina Inna a kafaɗarta. Aka buɗe da addu'a, aka rera baitoci, sannan Uwaisu ya miƙe.

Jawabin bai kai kunu ya huce ba. Ya faɗi shekarar haihuwa da garin da aka haife shi, wasu dattawa suka yi gyaran murya. Ya faɗi malamansa biyu, da nomansa, da waƙoƙin da aka samu da rubutun hannunsa. Sannan ya ce:

"Ya fita da niyyar aikin Hajji shekarar fari, an gan shi na ƙarshe a Maiduguri. Ana cewa ya rasu a Madina. Na nemi wanda ya gani da idonsa ban samu ba, don haka ba zan faɗa muku ba. Allah ne ya san ƙasar da ta rufe shi. Allah ya jiƙan Malam."

Aka ce amin. Hafsatu ta ji jikin Inna ya yi nauyi a kafaɗarta. Wata mata daga baya ta ce yaran boko sai su tone kabari, wata ta ce mata ta yi shiru. Aka miƙo wa Inna kunu, ta ture.

Suka isa gida. Uwaisu ya zo bakin ƙofa ya tsuguna yana gaishe da Inna, ta kawar da kai. Hafsatu ta yi masa alama da ido ya tafi. Ta kwance mata ɗankwali, ta ba ta maganinta, ta zuba mata ruwan alwala, don an fara kiran azahar.

Inna ta gama alwala ta tsaya riƙe da bango.

"Hafsatu, to yanzu ina yake? Ina zan fuskanta in yi masa addu'a?"

Hafsatu ta ɗauko buzun salla ta kakkaɓe, ta shimfiɗa a inda aka saba shimfiɗa shi.

"Gabas dai ya nufa, Inna."

Tsohuwa ta daɗe a tsaye, sannan ta laluba da ƙafa ta hau buzun. Hafsatu ta fita ta tarar da Uwaisu yana nan a zaure, bai tafi ba. Ta ce ya je ya kwaso mata kofunan mutane kafin su ɓace.