Sulusin Mai Keke

Ofishin lauya ɗaki ɗaya ne a saman kantin magani, da fanka mai ƙara. Mai Keke, tsohon da ke gyaran keken ɗinki, ya zauna. Jikarsa, wadda ke aiki tare da shi, ta tsaya jikin taga.

"Rubuta," in ji shi. "Idan na mutu, shagon na jikar nan tawa ne."

Lauya ya tambayi abin da ya mallaka. Shagon ne da ɗan gidan da yake kwana, kuma shagon ya fi gidan daraja. 'Ya'yansa maza biyu suna raye. Na ukun, uban jikar, ya riga shi tafiya.

"Baba, ka san ba ta da gado tunda baffanninta na nan. Wasiyya kam ta halatta mata. Sai dai ba ta wuce sulusin dukiya, shagon kuma ya wuce. Abin da ya haura, sai in sun yarje bayan ranka."

"Yarana ba mugaye ba ne."

"Ban ce ba. Amma ka ce babban ya fara tambayar kuɗin haya a layin."

Tsohon ya dubi hannunsa, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farce. Ya daɗe yana juya abin a ransa: idan ya ba ta ya rage wa 'ya'yansa, idan ya bari marainiyar ɗansa da yaranta za su rasa abin da suke ci.

"To ai na ba ta tuntuni. Da bakina na faɗa."

"Wa ke buɗewa da safe?"

"Ni."

"Sunan wa ke kan takardar shagon?"

Jikar ta yi dariya. "Barista, wannan angon nawa ko sukurdireba ba ya bari in ɗauka sai ya ƙirga."

"Ke, rufe min baki, tsohuwar amarya."

Lauya bai yi dariya ba. Ya ce kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu, gado take komawa. In yana so ta tabbata, sai ya bayar yanzu da lafiyarsa, gaban shaidu, a juya suna, ya cire hannunsa gaba ɗaya.

"Ni kuma in zauna ina?"

"Kaka, bari kawai," ta ce a hankali. "Sulusin ma ya isa."

Ya san bai isa ba. Kaso a shagon da za a sayar ba sana'a ba ce.

"Kira min yaran nawa biyu, su ji daga bakina cewa na ba ta shagon, kada su ji a titi," in ji shi. "Gidan nasu ne, ba zan yi wasiyyar ko tsinke a kansa ba."

Ya juya wajenta.

"Hajiya mai shago, kina ɗaukar ma'aikata?"

"Ya danganta. Ka iya zuwa da wuri?"