A Rufe, Kada A Sake Buɗe Mini

Sau uku Kafinta yana goge manhajar cacar ƙwallo daga wayarsa, sau uku yana mayar da ita. To ai gogewa ba rufewa ba ce, asusun yana nan yana jiransa. Cikin wata takwas injin yankan katako ya tafi, injin huda ya bi shi. Saura injin goge katako, wanda shagon ke ci da shi, shi ma an riga an zo an taya.

Babbar 'yarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta fara rubuta wa kamfanin. Suka amsa mata da ladabi cewa ba sa rufe asusu sai da buƙatar mai shi. Ta zo shago ranar Laraba, ta kaɗe garin katako daga benci, ta zauna ta miƙa masa wayarta.

"Baba, karanta. Sun ce sai kai."

Ya karanta, kunya ta kama shi, daga baya kunyar ta koma zuciya. Wato shi ake jira ya buɗe baki, an kuma san ba zai buɗe ba?

"Rubuta, uwata," ya ce, da sunan da ya saba kiran 'yar. "Ta imel ɗina, wanda na yi rajista da shi."

Ya tsaya dafe da injin yana faɗa, tana bugawa. "Ni ne mai wannan asusu. Ga cikakken sunana, ga lambar asusun, ga lambar wayata, ga hoton katin shaidata. Ina kashe abin da ya fi ƙarfina, na kasa tsayawa. Ku rufe asusun, ku hana ni shiga har abada. Idan na zo buɗe sabo da sunana ko katina, ku ƙi. Ku daina turo mini talla. Abin da ya rage a ciki ku mayar bankina. Ku amsa mini a rubuce."

"In sa 'don Allah'?"

"Lokacin da suke karɓa don Allah suka ce? Sa dai 'na gode', kada a ce ban da tarbiyya."

Washegari yana tsakiyar aunin ƙofar kabad wata ma'aikaciyar kamfanin ta kira, murya kamar zuma. Ta tambayi ranar haihuwarsa, ya faɗa.

"Yallaɓai, akwai hutun mako guda ko wata guda. Akwai kuma ƙayyade abin da za ka zuba kullum. Ko mu rufe kawai, duk ranar da ka so a buɗe."

Nan fa zuciyarsa ta ɗan karkata, ba zan ɓoye muku ba. Akwai babban wasa ranar Asabar. Ya dubi inda injin yanka yake a da, har yanzu shatin ƙafafunsa huɗu na nan a siminti.

"'Yata, shekara talatin ina sa wa mutane ƙofa. Na san ƙofar da aka tura, na san wadda aka buga wa ƙusa. Mai ƙusar nake so."

"Idan aka yi wannan ba a warwarewa fa, ko kai ka roƙa."

"Saboda ranar roƙon na rubuto."

Juma'a da rana saƙon tabbaci ya shigo. Ya sa 'yar ta buga shi a takarda, ya liƙa a bango kusa da zarto.

Asabar kuwa, wajen ƙarfe uku, hannunsa da kansa ya lalubi waya. Ya shiga shafin, ya sa lambarsa. Aka ce an toshe wannan asusu. Ya sake sawa, aka maimaita. Ya ji haushi sosai, kamar ba shi ya nema ba, sai kuma dariya ta kuɓuce masa.

Yana cikin haka maƙwabcinsa mai faci ya leƙo, wanda ake kira Tabbas don kowane wasa a bakinsa tabbas ne.

"Na ji ka yi ritaya, tsoho. 'Ya ta ƙwace wando?"

"Ni na cire da kaina. Kai da tabbas ɗinka, ina babur ɗinka?"

"Bar wannan. Yau wasa biyar ne, ba kuskure. Kamfani ɗaya ka rufe, saura goma. Ko ka kawo in buga maka ta nawa."

Gaskiya ya faɗa, Kafinta ya sani. Wasiƙa ɗaya ba ta ɗaure hannun mutum.

"Goma ko? Lissafo mini su, sannu a hankali."

Tabbas ya washe baki ya fara jerowa. Kafinta ya ciro fensir daga bayan kunne yana rubutawa a jikin guntun katako, ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne za ka fara buɗewa?"

"Uwata za ta zo da yamma. Duka za mu rubuta musu, kada su karɓe ni ko na zo da kuka."

Tabbas ya buɗe baki zai yi magana. Kafinta ya ɗora katako a kan injin, ya danna makunni, ƙara ta cika shagon.