Matakala Arba'in da Biyu

Matakalar gidansu Auta arba'in da biyu ce, daga hawa na uku zuwa bakin ƙofa, kuma tun da ciwon ƙoda ya kama Baba minti goma sha biyu yake ɗauka kafin ya sauko. Auta ta haddace wannan kamar sunanta. Baba ba ya iya doguwar tsayuwa, bakin titi kuma babu wurin zama, saboda haka duk ranar wankin ƙoda sai ta kira mota ta waya tun suna sama, yadda saukowarsu za ta yi daidai da isowar direba. Wata bakwai ke nan dabarar ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Ran nan ƙarfe goma aka ba su a asibiti. Wankin da ya gabata ya wuce su saboda kuɗi ba su haɗu ba, ga shi ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kwana biyu ke nan a zaune yake barci don numfashi ba ya barinsa ya kwanta. Yaya, wanda ke aiki a masana'antar robobi, ya yi ƙoƙari ya turo dubu arba'in da takwas cikin katin bankin Auta: arba'in na wanki, takwas na mota zuwa da dawowa. Katin nan ne ta haɗa da manhajar kiran mota, don direbobi su daina yi mata ƙorafin canji.

Tara saura kwata ta duba waya. Dubu huɗu, direba zai iso nan da minti goma sha biyu. Kamar an auna. Ta danna.

"Baba, mu tafi."

"To, ga ni nan."

Ba ya nan. Yana zaune bakin gado yana fama da maɓallan rigarsa. Shekara arba'in Baba ya yi yana ɗinki, kuma a wurinsa mutumin da ya fita da maɓalli ɗaya a buɗe bai gama sa kaya ba. Yatsun da suka saka zare a allura ba tare da tabarau ba, yau sun kumbura sun kasa tura maɓalli cikin raminsa.

"Kawo in sa maka."

"Ke dai tsaya can. Ban mutu ba tukuna."

Wayar ta yi ƙara. Direba ya iso. Ashe ya sami hanya a buɗe, minti huɗu ya yi. Auta ta kira shi ta ce don Allah ya ɗan jira, da marar lafiya take. Ya ce to, amma su hanzarta. Suna matakala ta goma sha tara, Baba na riƙe da bango yana haki, wayar ta sake ƙara: direba ya soke tafiya, fasinja bai fito ba, an cire ɗari shida. Ba za ka ce ya yi zalunci ba, ya jira mintunan da doka ta ce ya jira. Amma Auta ta tsine masa a zuci, kuma ba ta yi nadama ba.

Sai ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya.

Duk wanda ya saba da motocin nan ya san abin da ruwa ke yi musu. Kowa ya ajiye tafiyar ƙafa ya ɗauki waya, masu nema su fi motoci yawa, kuɗi ya haura. Dubu huɗun ɗazu ta zama dubu shida da ɗari takwas, da ɗan rubutu a ƙasa wai ana yawan buƙata a yanzu. Auta ta tsaya a kan matakala tana lissafi. Ɗari shida da dubu shida da ɗari takwas, bai kai takwas ba, kuɗin wanki na nan lafiya. Na dawowa kuwa, in an je can Allah zai kawo. Ta danna.

Baba ya zauna a kan matakala ta ashirin da biyar ya ce a bar shi ya sami numfashi. Direba na biyu ya iso suna nan. Wannan karon Auta ta sauka da gudu cikin ruwa ta leƙa tagar motar. Mutum ne mai furfura a gemu, da ƙaramin tawul a kafaɗa.

"Malam, don girman Allah kar ka soke. Mahaifina ne, yana kan matakala."

Ya dube ta, ya dubi wayarsa da ke maƙale a gilashi. "Ba zan soke ba, ƙanwata. Amma ki sani, mintunan kyauta suna ƙarewa manhaja za ta fara ƙirga kuɗin jira. Ba ni ke sa shi ba."

"Ta ƙirga."

Har ma ya kashe mota ya shiga ya taya ta. Baba ya ƙi a ɗauke shi, ya ce shi ba buhu ba ne, maƙwabta na kallo. Sai dai ya yarda ya dafa kafaɗar direban, tunda namiji ne kuma baƙo. Da suka zaunar da shi a baya ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Ɗana, wa ya ɗinka maka wannan rigar? Hannun dama ya fi na hagu tsawo." Direba ya yi dariya ya ce ai ta kanti ce. Baba ya ce shi ya sa.

Tara da rabi suna tsaye a babban titi, ko motsi babu. Ruwa ya cika ƙasan hanyar kasuwa, motoci sun cushe har inda ido ya kai. Direba ya ce, "In muka bi nan, ko sha ɗaya ba za mu isa ba. Sai dai sabuwar gada, amma akwai shingen biya, dubu ɗaya da ɗari biyu, kuma a kanku zai hau, don ba ya cikin kuɗin da aka nuna miki."

Auta ta waiga. Baba ya jingina kai, baki a buɗe, ƙirjinsa na wani irin kuka kamar ana hura ruwa da tsinke. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke hana mutum lissafi.

"Bi ta gadar."

Goma da minti goma suka tsaya a ƙofar asibiti. Direba ya rufe tafiya a wayarsa, ya taimaka aka sa Baba a keken marasa lafiya, ya yi musu fatan sauƙi ya tafi. Wayar Auta ta yi ƙara a jaka, ba ta ko duba ba. Dokar sashen wankin ƙoda ita ce in ka wuce rabin awa ba ka kawo takardar biya ba, a ba wani injin wankin, domin masu jira sun fi injunan yawa.

Mai karɓar kuɗi ta saka katin, ta jira, ta zare. "Bai isa ba."

"Sake gwadawa. Dubu arba'in na ciki."

Ta sake. "Baiwar Allah, bai isa ba. Matsa gefe ki duba."

Sai a lokacin Auta ta buɗe wayar. An jera mata komai dalla-dalla, babu ƙarya ko ɗaya. Tafiya, dubu shida da ɗari takwas. Jira, ɗari bakwai. Kuɗin gada, dubu ɗaya da ɗari biyu. Ga ɗari shidan farko. Manhaja ba ta tambayi wane kuɗi ne na mota wane ne na rai ba, ta ɗebi nata tun kafin su shiga ƙofa. Saura dubu talatin da takwas da ɗari bakwai. Ta zazzage jakarta ta sami ɗari biyar. Ɗari takwas ce ta tsaya tsakanin Baba da injin, kuɗin da bai kai na takalmin wanka ba.

Ta roƙi mai karɓar kuɗi ta karɓi abin da ke akwai. Matar ta ce na'ura ba ta fitar da takarda sai an cika, ita ma ma'aikaciya ce. Ta kira Yaya sau biyar, alhali ta san wayarsa na cikin akwatin ajiya har a tashi aiki. Ta kira ƙawarta, a kashe. Daga nan ta tsaya tana kallon mutanen da ke kan benci, kowa da nasa marar lafiya, kowa da tasa takarda a hannu. Auta ba ta taɓa roƙon baƙo ba. Minti biyar cur ta ɓata tana neman bakin da za ta fara da shi, kuma waɗannan mintunan ne ba za ta taɓa yafe wa kanta ba.

Wata dattijuwa da ke jiran mijinta ce ta kira ta. "'Yata, nawa ne ya rage?" Ta kwance bakin zaninta ta ƙirga mata ɗari takwas.

Auta ta koma taga da gudu, sai ga ma'aikaciyar jinya ta fito da littafi a hannu. "Ku ne na ƙarfe goma? Mun kira ku sau uku. An riga an ɗora wani." Ta dubi ƙafafun Baba, ta saurari ƙirjinsa, fuskarta ta canza. Ta ce yau a cike suke har dare, sai jibi da safe. Kar ya sha ruwa da yawa, in numfashin ya tsananta su kawo shi sashen gaggawa. Agogon bango na nuna sha ɗaya saura minti ashirin da huɗu.

Auta ta mayar wa dattijuwar kuɗinta. Ta tura keken zuwa baranda ta zauna a gefensa. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito.

"Mu ga takardar motar," in ji Baba.

"Ba komai a ciki."

"Auta."

Ta miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa yana bi layi-layi da kumburarren yatsa. Ya wuce kuɗin tafiyar da ruwa ya tsadantar, ya wuce na gada. A kan sokewa ya tsaya, sannan a kan jira. Ta ga leɓɓansa suna motsi: ɗari shida da ɗari bakwai.

"Dubu ɗaya da ɗari uku," ya ce. "Daidai abin da ya gaza a katin."

"Ba haka ba ne, Baba. Gada ce ta ci."

"Maɓallan rigata huɗu ne suka ci." Ya mayar mata da wayar.

Ta buɗe manhajar don kar ya ga idonta. Zuwa gida, dubu huɗu, kamar ba a yi komai ba, kuma daga kuɗin wankin jibi za a cire. Tana shirin dannawa ya kama hannunta.

"Kar ki kira tukuna."

Ya dafa hannun keken ya miƙe da ƙyar. Daga baranda zuwa bakin titi ba nisa, amma a wurinsa tafiya ce. Maɓallin sama ya ɓalle tun a mota, rigar a buɗe har ƙirji, ya gan shi kuma ya bar shi.

"Bari in fara isa ƙofa," ya ce. "In na isa, sai ki kira."